Talabijin ko allon kwamfuta: me ke sa rubutu ya dusashe, kuma wanne ya dace da aikinka

Wanda yake da shagon buga takardu a Maradi, ko ɗan kasuwar da ke riƙe lissafinsa a kwamfuta, ko ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, yakan kai lokacin da ƙaramin allon laftof ya ishe shi, sai ya fara tunanin haɗa kwamfutar da talabijin. Tunanin yana da hujja, domin talabijin ya fi yawa a kasuwa, ya fi girma a kan kuɗi ɗaya, kuma sau da yawa akwai shi a gida tun tuni. Amma da zarar an haɗa wayar HDMI, sai a ga bidiyo yana fita tas alhali rubutu ya yi dishi-dishi, gefen haruffa ya ɗauki wani launi da ba nasa ba, jan rubutu kuwa har ya gagara karantuwa. Daga nan ne mutum yake rasa abin yi: ya gyara talabijin ɗin da ke hannunsa, ya sayi wanda ya fi shi, ko ya haƙura ya nemi allon da aka ƙera domin kwamfuta.

Abubuwa biyar zan auna kowace hanya da su. Na farko shi ne kaifin rubutu, wanda shi ne tushen maganar, kuma shi kansa ya rataya a kan tambayoyi biyu: shin cikakken launi yana isa kowane ɗigon allo, kuma ɗigo nawa ne ke cikin kowane inci. Na biyu kuɗi, na uku ƙarko a garin da ke da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, na huɗu sauƙin saiti, na biyar kuma haɗarin a kashe kuɗi ba a samu biyan buƙata ba. Kafin a shiga auna su, dole a fahimci inda dusashewar take fitowa, domin wanda bai gane musabbabin ba zai yi ta canza waya yana asarar kuɗinsa.

Yadda ake rage bayanin launi

Hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma kwamfuta tana ba kowane fiksel lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi, tsarin da za ka gani a rubuce da `RGB`. Masu aikin bidiyo sun daɗe da sanin cewa idon mutum yana ganin bambancin haske da duhu fiye da yadda yake ganin ƙananan bambance-bambancen launi, don haka suka raba hoton gida biyu, bayanin haske daban, bayanin launi daban, tsarin da ake rubutawa `YCbCr`. Bayan rabawar, sai su bar bayanin haske cikakke ga kowane fiksel, su rage na launi.

A ɗauki fiksel huɗu da ke jere biyu sama biyu ƙasa. A tsarin `4:4:4` kowannensu yana da haskensa da launinsa, lambobi 12 ke nan. A tsarin `4:2:2` kowane fiksel biyu da ke gefen juna suna tarayya a launi ɗaya, sai lambobin su koma 8. A tsarin `4:2:0` kuwa dukan huɗun launi ɗaya suke rabawa, lambobi 6 kacal, wato rabin na asali. Kusan duk bidiyon da muke kallo, daga tashoshin tauraron ɗan Adam zuwa na intanet, a `4:2:0` yake zuwa, kuma babu wanda yake kuka da shi, domin fuskar mutum da sararin sama da tufafi ba sa sauya launi daga wannan fiksel zuwa na kusa da shi.

Rubutu ba haka yake ba. Sandar ƙaramin harafi ba ta wuce faɗin fiksel ɗaya ko biyu, don haka idan aka tilasta mata raba launi da fiksel ɗin da ke gefenta, sai launin harafi da na bayansa su gauraya. Kamar mai rubuta allon shago ne da ya zana haruffansa da siririn alƙalami, sannan ya zo cika launi da burushin da ya fi sandar harafin faɗi: siffar tana nan, amma fenti ya malala waje.

Wannan ne kuma ya sa ba kowane rubutu yake lalacewa daidai da wani ba. A ma'aunin da ake amfani da shi ga hoto mai kaifi, kore ne ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin ɗari na haske, ja kusan kashi 21, shuɗi kuwa kashi 7 kawai. Baƙin rubutu a kan farar takarda bambancin haske ne zalla, shi ya sa yake tsira da ɗan sauƙi. Jan rubutu a kan shuɗi, ko shuɗi a kan baƙi, bambancinsu kusan duka na launi ne, kuma launin ne aka rage. Mai tsara katin gayyatar biki, da mai cika jadawalin lissafi inda bashi ke fitowa da ja, da mai rubuta manhaja a kan baƙin shafi, su ne suka fi shan wahalar.

Baƙin rubutun ma bai tsira gaba ɗaya ba. Windows tana da wata dabara mai suna `ClearType` wadda take kunna ja ko shuɗin fiksel ɗin da ke bakin harafi kaɗan-kaɗan, domin gefen ya yi laushi a ido. Dabarar ta dogara ne da cewa kowane launi zai tsaya daidai inda aka sa shi. Idan aka rage bayanin launi, sai waɗannan ƙananan launuka su bazu, mutum ya riƙa ganin wata inuwa ja-ja ko shuɗi-shuɗi a jikin baƙaƙen haruffa.

Wurare biyu da ake rage launin

Ana iya rage launin a kan hanya, ana kuma iya rage shi a cikin talabijin, kuma maganin wannan ba ya warkar da wancan.

A kan hanya, matsalar ta yawan bayanin da tashar HDMI, wato ramin da ake sa wayar a ciki, ke iya ɗauka ce. HDMI 1.4, wadda ta fito a 2009, tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa. HDMI 2.0 ta 2013 tana ɗaukar 18, HDMI 2.1 ta 2017 kuwa har 48. Hoton `1920x1080` a `60 Hz`, wato ana sabunta shi sau 60 a daƙiƙa, yana tafiya da fiksel miliyan 148.5 a daƙiƙa, kuma kowace daga cikin ukun tana ɗaukarsa da cikakken launi ba tare da wahala ba. Hoton `3840x2160`, wanda ake kira 4K, a `60 Hz` yana buƙatar ninki huɗu na wannan, miliyan 594, alhali iyakar HDMI 1.4 miliyan 340 ce. Saboda haka hanyoyi biyu ne suka rage wa tsohuwar tasha: ko dai a rage saurin sabunta hoto zuwa `30 Hz` a bar launi cikakke, ko a riƙe `60 Hz` a koma `4:2:0`, kuma duka biyun suna sauka a kan miliyan 297. HDMI 2.0 tana ɗaukar miliyan 594 ɗin, amma da ƙyar, domin iyakarta 600 ce. Da zarar aka kunna `HDR`, wato yanayin da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto, aka nemi zurfin launi na bit 10 maimakon 8, buƙatar ta haura zuwa 742.5, kuma kwamfuta na iya komawa `4:2:2` ko `4:2:0` ba tare da ta yi wa mai ita bayani ba.

A cikin talabijin kuwa, ko da kwamfuta ta aiko da cikakken `RGB`, talabijin da yawa suna maida hoton zuwa `4:2:2` kafin su sarrafa shi, domin an ƙera su ne da zaton bidiyo za a kalla. Ba sa barin wannan ɗabi'a sai an gaya musu cewa abin da ke haɗe da tashar kwamfuta ce. Wannan ya fi ruɗa mutane, saboda Windows za ta nuna komai daidai ne, idon mutum kuma yana gaya masa ba daidai ba ne.

Waya ba ta cikin masu laifi ta wannan fuska. Wayar HDMI mara kyau tana haifar da ƙyalƙyalin fararen ɗigo, ko hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko allon ya yi baƙi, amma ba ta dusar da haruffa. Wanda rubutunsa ya yi dishi-dishi alhali hoton yana tsaye cak ba ya buƙatar sabuwar waya tukuna.

Gwajin da za a yi kafin a taɓa aljihu

A buɗe `Paint`, a cika shafin da shuɗi, a rubuta jimla da ja a ƙaramin girma, sannan a ƙasanta a rubuta wata da baƙi a kan fari. A dubi hoton a allon laftof, a kuma dube shi a talabijin ba tare da an ƙara masa girma ba. Ja a kan shuɗi ba ya da daɗin kallo ko a allo mai kyau, don haka kwatantawa ce ke da amfani: allon laftof ba ya rage launi, shi ne ma'auni. Idan jan rubutun ya karantu a laftof amma ya caɓe a talabijin, baƙin kuma yana nan da dama-dama, to rage launi ne. Idan duka biyun sun dusashe daidai da juna, to matsalar ta girman hoto ce, wato kwamfuta tana aiko da adadin fiksel da bai yi daidai da na allon ba, ko talabijin yana faɗaɗa hoton yana yanke gefensa.

Hanya ta farko: talabijin mai inci 32 da ke gida

Wannan ce hanyar da ba ta cin kuɗi, kuma ita ce ta fi yawan jawo ɓacin rai. Yawancin ƙananan talabijin masu araha na inci 32 ainihin allonsu `1366x768` ne, duk da cewa suna karɓar hoton `1920x1080` kuma kwalinsu na iya ɗauke da alamar hoto mai kaifi. Idan kwamfuta ta aiko musu da babban hoton, sai su matse shi ya shiga fiksel ɗin da suke da su, kuma babu saitin launin da zai gyara wannan. Abin da ya fi shi ne a zaɓi `1366x768` ko `1360x768` a kwamfuta, wanda duk ya bayyana. Ko a hakan, fiksel 49 ne kawai a kowane inci, wanda daga nisan teburin aiki ido yana ganin ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikin irin waɗannan ba su da saitin kwamfuta ta HDMI. Idan akwai tashar VGA a bayansa, ya cancanci a gwada ta, domin tana aika ja da kore da shuɗi kowanne a layinsa ba tare da ragi ba, sai dai a nemi `Auto Adjust` a cikin saiti don hoton ya zauna daidai.

Idan kuwa allon na gaske `1920x1080` ne, lamarin ya canza. Fiksel 69 ne a inci, HDMI kowace iri ta isa, kuma abin da ya rage shi ne ko talabijin ɗin yana da yanayin kwamfuta. Idan yana da shi, rubutu zai fita da kyau daga nisan kamar mita ɗaya. Ta fuskar ƙarko, abin lura shi ne talabijin da aka saba kunnawa da yamma yanzu zai wuni a kunne cikin zafin watan Afrilu da Mayu, kuma fitilun bayan allo su ne suka fi saurin mutuwa idan an bar su a ƙarshen haskensu. Rage `Backlight` zuwa rabi yana tsawaita ransu, yana kuma sauƙaƙa wa ido.

Hanya ta biyu: talabijin 4K mai inci 43

A nan ne ribar ta fi yawa, a nan ne kuma tarkon ya fi yawa. Allon 4K mai inci 43 yana da fiksel kusan 102 a inci, ya ma ɗan fi allon kwamfuta na yau da kullum, kuma filinsa daidai yake da na allo huɗu na `1920x1080` a haɗe. Mai shago zai iya buɗe takardar da yake bugawa a gefe guda, hoton da abokin ciniki ya turo masa a ɗaya gefen, ba tare da ya rufe ko ɗaya ba.

A ɗauki misalin mai shagon buga takardu a kusa da babbar kasuwa, wanda ya haɗa kwamfutar da ke da HDMI 2.0 da sabon talabijin 4K, ya ga sunayen ango da amarya da ya rubuta da ja sun caɓe. Mataki na farko shi ne ya danna `Win+P` ya zaɓi `Extend`, ko `Étendre` idan Windows ɗinsa ta Faransanci ce, domin idan allon biyu suna nuna abu ɗaya, talabijin yakan bi ƙaramin girman allon laftof. Sannan ya danna `Win+R` ya rubuta:

```
ms-settings:display
```

Ya zaɓi talabijin ɗin, ya tabbatar girman `3840x2160` ne, ya shiga `Advanced display`, ya dubi layin `Color format`. Idan ya ga `YCbCr420` tare da `60 Hz`, ya kama ɓarawo na farko. Dalilin shi ne talabijin da yawa suna fitowa daga kamfani da tasoshinsu a tsohon yanayi domin su yi aiki da tsofaffin dikoda, don haka suna gaya wa kwamfuta cewa 4K a `60 Hz` sai da ragin launi. Sai ya ɗauki rimot ya buɗe cikakken ƙarfin tashar da ya sa wayar. A Samsung sunan saitin `HDMI UHD Color` ko `Input Signal Plus`, a LG `HDMI Ultra HD Deep Colour`, a Sony ana zaɓar `Enhanced format` ƙarƙashin `HDMI signal format`, a Hisense ma kalmar `Enhanced` ake nema. Saitin na kowace tasha ne daban, kuma a wasu talabijin ba duka tasoshin ke da shi ba. Allon zai ɗan ɗauke ya dawo, layin kuma ya kamata ya koma `RGB`. Idan bai koma da kansa ba, a kwamfuta mai katin hoto na Nvidia ana shiga manhajar katin a sa `Output color format` a `RGB`, a ta AMD kuwa `Pixel Format` ake canzawa. A wannan matakin ne kaɗai waya take shigowa maganar: idan hoto ya fara ɗaukewa bayan buɗe tashar, ana buƙatar gajeriyar waya mai alamar `Premium High Speed`.

Yanzu ya sake duba gwajin ja a kan shuɗi. Idan ya yi sauƙi amma bai kai na laftof ba, ɓarawo na biyu yana cikin talabijin. A Samsung da LG ana shiga jerin tasoshi a canza nau'i ko alamar tashar zuwa `PC`, a Sony kuma ana zaɓar yanayin hoto na `Graphics`. Alamar cewa ya kama ita ce wasu saitunan hoto za su kulle, kuma wannan ba lalacewa ba ce, talabijin ne ya daina taɓa hoton. Bayan haka ya kashe `HDR` a Windows, domin aikin takardu ba ya buƙatarsa. Ya kuma hana yanke gefen hoto ta hanyar zaɓar `Just Scan` a LG ko `Fit to Screen` a Samsung, ya rage `Sharpness` har farin zaren da ke zagaye haruffa ya ɓace. Daga ƙarshe ya sa girman rubutu a `125%` ko `150%`, ya danna `Win+R` ya rubuta `cttune` domin saita `ClearType`, ya zaɓi samfurin da ya fi fita a idonsa, domin wasu talabijin jerin launukan fiksel ɗinsu a juye yake, shuɗi kafin ja.

Duk wannan ya yiwu ne saboda kwamfutar tana da HDMI 2.0. Da yawa daga cikin laftof na hannu da ake sayarwa a garin nan tasharsu 1.4 ce, kuma mai irinta yana da zaɓi uku. Zai iya zama a `30 Hz` da cikakken launi, inda rubutu yake fita tas amma kibiyar linzami tana tafiya da tsalle-tsalle, abin da wasu ke sabawa da shi wasu kuma yana gajiyar da su. Zai iya ɗaukar `60 Hz` a `4:2:0` idan kwamfutar ta ba shi, wanda a ganina shi ne mafi muni ga mai rubutu, ko da yake ƙara girman rubutu zuwa `200%` yana ɓoye yawancin aibin tunda sandunan haruffa sun yi kauri. Ko kuma, idan kwamfutar tana da DisplayPort 1.2 ko USB-C mai fitar da hoto, ya sayi adafta zuwa HDMI wadda aka rubuta mata `4K 60Hz` ƙarara. Masu araha da yawa a `30 Hz` suke tsayawa, don haka a gwada ta a shagon mai sayarwa kafin a biya.

Akwai haɗari biyu da babu saitin da ke kawar da su. Wasu talabijin 4K marasa sanannen suna ba su da yanayin kwamfuta sam. Wasu kuma, ciki har da wasu masu araha na LG na wajajen 2016, allonsu nau'in `RGBW` ne, inda aka cusa farin ɗigo a cikin jerin launuka, kuma ƙaramin rubutu mai launi ba ya fita a kansu yadda ya kamata. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a sayi talabijin domin aikin kwamfuta ba tare da an je da laftof da hoton gwaji an haɗa a gaban mai kaya ba. Kuɗin wannan hanya shi ne mafi yawa, cin wutarta ma haka, kuma wanda yake aiki da batir da faranti mai amfani da rana ya kamata ya karanta adadin wat da ke rubuce a bayan talabijin ya kwatanta da abin da batirinsa ke iya ɗauka.

Hanya ta uku: allon kwamfuta mai inci 22 zuwa 24

Babu dogon bayani a nan, kuma wannan shi ne darajarsa. Allon da aka ƙera domin kwamfuta yana nuna cikakken launi, ba ya yanke gefe, ba ya ƙara wa haruffa zare. Mai inci 24 a `1920x1080` yana da fiksel 92 a inci, kuma kowace tsohuwar laftof tana iya tuƙa shi a `60 Hz`. An yi shi domin ya wuni a kunne, cin wutarsa ya yi ƙasa da na babban talabijin sosai, kuma yana kwanciya da kansa idan kwamfuta ta huta. Na hannu yakan yi araha fiye da sabon talabijin 4K nesa ba kusa ba, ko da yake farashin irin waɗannan kaya yana hawa da sauka da canjin naira da sefa, tunda da yawansu ta Kano da Katsina suke shigowa. Haɗarinsa na kayan hannu ne: a buɗe farin shafi a nemi tabo da layi da rawayar gefe, a buɗe baƙi a nemi ɗigon da ya maƙale, a kuma duba ko yana da HDMI ko VGA ce kawai. Abin da ake rasawa shi ne girma, sau da yawa kuma babu lasifika.

Haɗa kwamfuta da talabijin ba tare da waya ba bai kamata ya shiga lissafin mai aikin rubutu ba, domin hoton ana matse shi ne a matsayin bidiyo kafin a aika, kuma ragin launi yana cikin matsewar.

Ga hanyoyin a jere domin kwatantawa:

| Hanya | Fiksel a inci | Cikakken launi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Talabijin inci 32, `1366x768` | 49 | Da wuya, sai ta VGA | Babu, idan akwai shi | Matsakaici | Mai sauƙi | Rubutu ba zai yi kaifi ba |
| Talabijin inci 32, `1920x1080` | 69 | Idan yana da yanayin `PC` | Babu ko matsakaici | Matsakaici | Saiti kaɗan | Rashin yanayin `PC` |
| Talabijin 4K inci 43 | 102 | Da HDMI 2.0 da yanayin `PC` | Mafi yawa | Ya danganta da haske da wuta | Saiti da yawa | Tsohuwar tasha, allon `RGBW` |
| Allon kwamfuta inci 24 | 92 | Kullum | Kaɗan zuwa matsakaici | Mafi kyau | Haɗa ka yi aiki | Aibin kayan hannu |

Wanda aikinsa buga takardu ne daga safe zuwa yamma, ko lissafi, ko rubuta kundi, kuma laftof ɗinsa tsohuwa ce, allon kwamfuta mai inci 24 ne ya dace da shi, kuma ba na ganin wata hanya da ta kusance shi idan aka haɗa kuɗi da lafiyar ido da cin wuta. Haka ma wanda yake dogaro da batir idan wuta ta ɗauke.

Mai tsara kati da fosta da ke buƙatar fili, ko wanda abokan ciniki suke tsayawa a bayansa suna duba aikin kafin a buga, shi ne zai ci moriyar talabijin 4K mai inci 43, da sharaɗi biyu: kwamfutarsa ta iya fitar da 4K a `60 Hz` cikin `RGB`, talabijin ɗin kuma ya ci gwajin ja a kan shuɗi tun a shago. Idan ɗaya ya faɗi, ya fi masa alheri ya sayi allon kwamfuta biyu ya jera su.

Wanda yake da talabijin `1920x1080` a gida kuma aikin rubutunsa na lokaci-lokaci ne, kada ya sayi komai sai ya gwada yanayin `PC` da hana yanke gefe da rage `Sharpness`, domin sau da yawa waɗannan ukun sun isa. Malamin da ke nuna darasi ga ɗalibai daga nesa, da wanda kallon bidiyo da ƙwallo ne yawancin buƙatarsa, kowane talabijin zai yi musu, har da mai `1366x768`, muddin malamin ya yi rubutunsa da manyan haruffa baƙaƙe a kan fari ya guji ja a kan shuɗi.